Wa Ya Kaɗa wa Wa Ƙuri'a? Gurbin da Sakatarori Ke Bari a Bayanin Taro

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a cikin rubutattun bayanan taro, wato abin da sakatarori ke kira minit. Jimlar ita ce: “An amince da ƙudurin da rinjayen ƙuri'u, har da na waɗanda suka aiko da wakilai.” Mai karatu zai gan ta a littafin taron kamfani, zai gan ta a na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, zai kuma gan ta a na ƙungiyar ’yan kasuwa. Jimla ce mai daɗin karatu, kuma ranar da aka rubuta ta babu mai tanka mata. Aibinta yana bayyana ne bayan watanni ko shekaru, ranar da wani ya tashi ya ce shi bai wakilta kowa ba, ko kuma ya ce ya wakilta amma ba abin da ya ce a zaɓa aka zaɓa ba. A ranar ne ake buɗe littafi, a tarar bai san komai ba.

Ra'ayina a wannan mako shi ne, duk bayanin taron da aka ƙirga ƙuri'ar wakilci a cikinsa, wajibi ne ya lissafa sunan wanda ya ba da wakilci, da sunan wanda ya karɓa, da yawan ƙuri'un da aka wakilta, da inda aka jefa su a kan kowane ƙuduri. Dalilin kuwa yana cikin yanayin ƙuri'ar kanta. Wanda ya zo taro da ƙafarsa ya ɗaga hannu yana da shaidu cike da ɗaki. Wanda ya aiko da wakili ba shi da shaida ko ɗaya sai takarda. Idan takardar ta yi shiru game da shi, to an yi amfani da haƙƙinsa a inda ba ya nan, sannan an share sawun.

Al'adarmu ma ta san wannan. A wajen ɗaurin aure, wakilin ango ba ya miƙewa ya ce kawai “mun karɓa”. Sai ya faɗi a gaban jama'a wanda yake nema wa aure, waliyyi ya faɗi wadda yake bayarwa, a ambaci sadaki, sannan shaidu su shaida. Ana yin haka ne domin ango da amarya galibi ba sa wurin, kuma duk abin da aka ƙulla su zai ɗaure. Abin mamaki ne mutanen da ba za su yarda a ɗaura aure ba tare da an ambaci sunaye ba, su ne za su sa hannu a kan bayanin taron da ya sauya dokokin kamfaninsu da ƙuri'un mutanen da ba a ambata ba.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada a Nijeriya. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar 2020, ta yi magana a kan wakilci a sashe na 254. Duk mai hannun jari da ke da haƙƙin halartar babban taro da kaɗa ƙuri'a yana iya naɗa wani ya tsaya masa, ko da wanda ya naɗa ɗin ba ɗan kamfanin ba ne, kuma wakilin yana da damar yin magana a taron kamar yadda mai hannun jarin yake da ita. Naɗin sai ya kasance a rubuce da sa hannu. Takardar kuma sai ta isa ofishin kamfani, ko wurin da sanarwar taro ta ayyana, aƙalla awa 48 kafin lokacin taron, in ba haka ba ba za a ɗauke ta ingantacciya ba. Akwai kuma wani tanadi da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan wanda ya ba da wakilci ya janye shi, ko ma ya rasu, ƙuri'ar da wakilinsa ya kaɗa tana nan daram, matuƙar kamfani bai sami sanarwa a rubuce kafin a fara taron ba.

Mai karatu zai lura cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa tambaya ce da ake amsawa da suna da lokaci. Wa ya sa hannu? Yaushe takarda ta iso? An sami wasiƙar janyewa kafin a buɗe taro ko bayan an buɗe? Jimlar nan ta “har da waɗanda suka aiko da wakilai” ba ta amsa ko ɗaya daga ciki.

Sai kuma nauyin da dokar ta ɗora wa bayanin taro. Sashe na 266 ya wajabta wa kowane kamfani ya rubuta abin da ya gudana a tarurrukansa. Idan shugaban taro ya sa hannu a kan bayanin, ya zama hujja a kan abin da ya faru, kuma ana ɗauka an yi taron bisa ƙa'ida har sai wani ya tabbatar da akasin haka. Ma'ana, nauyin kawo hujja yana kan mai ƙorafi. To ina mai ƙorafi zai samo hujja, alhali ba ya wurin, kuma takardar da ya kamata ta taimake shi ta dunƙule komai a jimla ɗaya? Dokar ta umarci a rubuta, amma tsarin rubutun yana hannun sakatare. A nan ne gurbin yake.

Domin maganar ta fito fili, mu ƙaddara wani kamfanin iyali mai sayar da kayan gini, wanda hannayen jarinsa miliyan ɗaya ne cif, kowane hannun jari da ƙuri'a ɗaya. Misali ne kawai, amma lissafinsa na gaske ne. Masu kamfanin su shida ne. Babban wa, wanda shi ne shugaba, yana da 300,000. Ƙanensa mai bi masa yana da 200,000. Mahaifiyarsu tana da 150,000. Ƙanwarsu da ke aure a Maraɗi tana da 100,000. Autansu da ke karatu a Alƙahira yana da 100,000. Sai wani tsohon abokin kasuwancin mahaifinsu mai 150,000.

An kira taro domin a gyara dokokin cikin gida na kamfanin, ta yadda shugaba zai iya jinginar da filin kamfani ya ci bashin banki ba tare da ya koma wa sauran ba. Gyaran dokokin cikin gida yana buƙatar abin da doka ta kira ƙuduri na musamman, wanda ba ya wucewa sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, wato 75 cikin ɗari. Ranar taro mutum biyu ne suka zo da kansu, babban wa da ƙanensa. Auta bai zo ba, bai kuma aiko kowa ba. Sauran ukun duk babban wa ne ke riƙe da takardunsu. Ƙanen ya nemi a ƙirga ƙuri'a bisa yawan hannun jari maimakon ɗaga hannu, kuma doka ta ba shi wannan dama tunda yana riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'un kamfanin. Aka ƙirga. Sakatare ya rubuta: “Masu goyon baya 700,000, masu adawa 200,000. Ƙuduri ya wuce.”

A ido lissafin ba shi da aibu. An kaɗa ƙuri'u 900,000, kuma 700,000 daga cikinsu ya kai kusan 78 cikin ɗari, ya haye 75 ɗin da ake nema. Shugaba ya sa hannu, aka kai wa banki kwafi, aka jinginar da fili.

Yanzu mu warware dunƙulen nan na 700,000, mu ga abin da ke ciki. Akwai 300,000 na shugaba, babu gardama a kansu. Akwai 150,000 na mahaifiya, wadda takardarta ta iso kwana huɗu kafin taro, kuma ta bar wa ɗanta ya zaɓi abin da ya ga dama. Su ma lafiya lau. Akwai 150,000 na abokin mahaifi, amma takardarsa direba ne ya kawo ta da safiyar ranar taron, ana shirin zama. Ba ta cika sharaɗin lokaci ba, don haka bai kamata a ƙirga ta ba. Idan aka cire ta, masu goyon baya sun koma 550,000 daga cikin 750,000 da aka kaɗa, wato kaɗan ya ɗara 73 cikin ɗari. Ƙudurin ya faɗi.

Saura ta Maraɗi. Takardarta ta iso a kan lokaci, amma a jikin takardar ta sa alama a gurbin “ban yarda ba”. Yayanta ya haɗa 100,000 ɗinta da nasa ya jefa a gurbin goyon baya. Da an bi umarninta, ko da an bar takardar abokin mahaifi a cikin lissafi, sakamakon zai zama 600,000 da 300,000, wato kashi biyu cikin uku, wanda bai kai ba. Idan aka gyara kurakuran biyu tare kuwa, 450,000 ne da 300,000, wato 60 cikin ɗari. Ta kowace fuska aka duba, ƙudurin da aka rubuta cewa ya wuce bai wuce ba, kuma kowane kuskure ɗaya daga cikin biyun ya isa ya kayar da shi.

Abin lura a nan shi ne, sakataren bai rubuta ƙarya ba. An kaɗa 700,000 ɗin, ya kuma rubuta abin da ya gani. Abin da ya gaza yi shi ne rubuta bayanin ta yadda wanda ba ya wurin zai iya bincika shi. Da ya lissafa sunaye, da shi kansa zai fara ganin matsalar tun kafin a tashi, domin ba zai iya cike gurbin “lokacin da takarda ta iso” ba tare da ya ga cewa ta makara ba, kuma ba zai iya rubuta “umarni: adawa” kusa da “an kaɗa: goyon baya” hannunsa bai tsaya ba. Babban amfanin lissafa sunaye ke nan: yana tilasta a yi binciken a ɗakin taro, lokacin da gyara ba ya cin ko sisi, maimakon a zauren kotu bayan banki ya riga ya karɓi takardun fili.

To yaya ya kamata a rubuta? Aikin yana da matakai uku, kuma na farkonsu yana gabatar ranar taro. Duk takardar wakilcin da ta iso, sakatare ya ba ta lamba, ya rubuta rana da lokacin isowarta a jikinta, ya shigar da ita a rajista. Idan wa'adi ya cika sai ya ja layi a ƙarƙashin ta ƙarshe. Sannan ya gwada kowace takarda da rajistar masu hannun jari, ya tabbatar wanda ya sa hannu yana cikin rajistar, kuma yawan hannun jarin da aka rubuta ya dace da abin da ke littafi.

Mataki na biyu shi ne sashen mahalarta a farkon bayanin taro. A raba shi gida uku: waɗanda suka zo da kansu, waɗanda aka wakilta, da takardun da aka ƙi karɓa. Gida na ukun nan shi ne aka fi mantawa da shi, alhali daga cikinsa ne rigima ta fi fitowa. A misalinmu sashen zai kasance kamar haka, sai dai da cikakkun sunaye a inda na sa dangantaka: “Waɗanda aka wakilta: mahaifiya, ƙuri'u 150,000, wakilinta shugaba, takarda mai lamba 1, ba ta ba da umarni ba. Ƙanwa, ƙuri'u 100,000, wakilinta shugaba, takarda mai lamba 2, ta ba da umarnin adawa da ƙuduri na ɗaya. Takardar da aka ƙi: mai lamba 3, ta abokin kasuwanci, ƙuri'u 150,000, saboda ta iso da ƙarfe tara na safiyar ranar taro. Wanda bai zo ba kuma bai wakilta ba: auta, ƙuri'u 100,000.” Ya kamata a karanta wannan jeri da babbar murya kafin a shiga ajanda, a tambaya ko akwai mai ja, a kuma rubuta cewa an tambaya.

Mataki na uku shi ne ƙarƙashin kowane ƙuduri. A nan ne ake nuna wa ya kaɗa wa wa. Wanda ke riƙe da wakilci a rubuta shi sau da yawa gwargwadon mutanen da yake ɗauke da su: “Shugaba, a karan kansa, 300,000, goyon baya. Shugaba, a madadin mahaifiya, 150,000, goyon baya. Shugaba, a madadin ƙanwa, 100,000, adawa. Ƙane, a karan kansa, 200,000, adawa.” Kada mai karatu ya yi mamakin ganin mutum ɗaya a ɓangarori biyu. Haka ya kamata ya kasance, domin hannunsa ne ke jefawa amma ra'ayin na masu ƙuri'ar ne, kuma doka ba ta tilasta wa mai riƙe da ƙuri'u da yawa ya jefa su duka a gurbi ɗaya ba. Daga nan sai a haɗa asalin takardun wakilcin a matsayin rataye, a ajiye su tare da littafin.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane ɗan ƙungiya zai iya yi wa bayanin taro, ko da bai taɓa shiga ajin shari'a ba. Ya tara ƙuri'un waɗanda suka zo da na waɗanda aka wakilta bisa ƙa'ida. Sannan ya tara na goyon baya da na adawa da na waɗanda suka ƙaurace. Jimlar biyun dole su zo daidai. A misalinmu, 500,000 na mahalarta da 250,000 na wakilci sun ba da 750,000, kuma 450,000 da 300,000 su ma 750,000 ne. Idan jimla ta biyu ta fi ta farko, an ƙirga ƙuri'ar da ba ta da mai ita, ko an ƙirga wani sau biyu. Ƙirga sau biyu yakan faru ne idan mutum ya aika da takardar wakilci, daga baya ya sami sarari ya zo da kansa, sai ya kaɗa, wakilinsa ma ya kaɗa masa. Tun a 1931 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa wanda ya ba da wakilci yana da damar zuwa ya kaɗa da kansa, kuma idan ya yi haka ƙuri'arsa ce ake ɗauka, a ajiye ta wakilin. Sakataren da ba shi da jerin sunaye ba shi da hanyar gane cewa hakan ta faru.

Wanda ke ganin wannan tsanani ne na malaman jami'a, ya dubi abin da Majalisar Wakilan Amurka ta yi lokacin annobar korona. A watan Mayun 2020 majalisar ta amince ’yan majalisa su kaɗa ƙuri'a a zaurenta ta hanyar wakili. Amma ta kafa sharuɗɗa. Ɗan majalisa sai ya aika wa akawun majalisa wasiƙa mai sa hannu yana ambaton wanda ya naɗa. Sai ya ba wakilin takamaiman umarni a kan kowace ƙuri'a. Mutum ɗaya ba zai riƙe wa fiye da mutum goma ba. Wakilin kuma sai ya miƙe a zaure ya faɗi sunan wanda yake wakilta da abin da ya zaɓa, sannan a buga jerin sunayen a kundin majalisa. An daina tsarin a Janairun 2023. Daga baya jihar Teksas ta ƙalubalanci wata babbar dokar kasafin kuɗi da aka zartar a Disambar 2022, bisa hujjar cewa waɗanda ke zaure da jikinsu ranar ba su kai rabin majalisa ba. A Fabrairun 2024 wani alƙalin tarayya ya ba jihar gaskiya a kan wani ɓangare na dokar, aka kuma ɗaukaka ƙara. Ko mutum yana ganin alƙalin ya yi daidai ko bai yi ba, gardamar ta tsaya ne a kan fassarar tsarin mulki. Ba a ɓata lokaci ana jayayya a kan wa ya zo da wa ya aiko ba, domin kundin ya riga ya faɗa, suna bayan suna.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da abin koyi a nan. Dokar kamfanoni ta bai-ɗaya da ƙasashen yarjejeniyar Ohada ke aiki da ita, wadda Nijar da Chadi da Kamaru ke ciki, ta tanadi takardar halarta a babban taron kamfanin hannun jari. A cikinta ake rubuta masu hannun jarin da suka zo da waɗanda aka wakilta, da sunayen wakilai da yawan ƙuri'un da ke hannunsu, a kuma maƙala takardun wakilcin a jikinta. Abin da ya zama tilas a Maraɗi da Damagaram bai kamata ya zama baƙon abu a Kano da Katsina ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe uku da na san za a kawo, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Na farko shi ne batun sirri. Idan zaɓen shugabanni ake yi a asirce, rubuta inda kowace ƙuri'a ta tafi zai tona asirin masu zaɓe. Wannan gaskiya ne, kuma a irin wannan zaɓe mataki na uku yana sauyawa. Ba za a rubuta wanda aka zaɓa ba, amma dole a rubuta wa ya wakilci wa, da takardun ƙuri'a nawa aka miƙa wa kowane wakili. Sirrin yana kan abin da aka zaɓa. Wanda aka ba damar jefa takarda biyar a akwati kuwa, dole kowa ya san sunansa da sunayen mutum huɗun da ya tsaya wa.

Na biyu shi ne yawa. Babban kamfani mai dubban masu hannun jari ba zai iya zuba sunayensu duka a cikin bayanin taro ba. Haka ne. A nan sai bayanin ya kawo taƙaitaccen lissafi, wato kowane wakili da yawan mutanen da ya riƙe wa da jimlar ƙuri'unsu, sannan cikakken jerin ya zama rataye mai sa hannun masu ƙidaya, bayanin kuma ya ambace shi ƙarara. An ga muhimmancin wannan a 2020, lokacin da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ba manyan kamfanoni damar yin taron shekara ta hanyar wakilai saboda dokar hana cunkoso. Kamfanoni suka riƙa buga sunayen mutane ƙalilan a sanarwar taro, a ce kowa ya zaɓi ɗaya daga ciki ya wakilce shi. Ƙuri'un dubban mutane suka taru a hannun mutanen da ba su cika ɗaki ɗaya ba. A irin wannan hali, babu abin da ke tabbatar wa ƙaramin mai hannun jari cewa an jefa ƙuri'arsa inda ya ce, in ban da jerin nan.

Na uku shi ne kunya, kuma shi ne mafi ƙarfi a wajenmu. Sakatare ƙarami ne, shugaba babba ne, kuma tambayarsa “Alhaji, ina takardar da Hajiya ta ba ka?” tana kama da tuhuma. Maganin wannan shi ne a mayar da abin ƙa'ida tun kafin a sami saɓani. Idan dokokin ƙungiya suka ce ba a ƙirga ƙuri'ar wakilci sai an lissafa ta, sakatare ba ya tuhumar kowa, ƙa'ida yake bi. Shugaba mai gaskiya ma shi ya fi kowa cin moriyar jerin, domin shi ne zai wanke shi ranar da ’yan’uwa suka fara kallonsa a kaikaice. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a harkar dukiyar iyali maganin yakan zo ne bayan zumunci ya riga ya lalace.

Akwai gargaɗi na musamman ga ƙungiyoyin da ba na hannun jari ba. Haƙƙin naɗa wakili da sashe na 254 ya bayar bai shafi kamfanin da ba shi da hannun jari ba, sai idan dokokinsa na cikin gida sun tanada. Haka nan ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai, tsarin mulkinta ne zai faɗa ko an yarda da wakilci ko ba a yarda ba. Saboda haka kafin sakatare ya rubuta sunan wakili ko ɗaya, ya fara rubuta sashen tsarin mulkin da ya halatta wakilcin. Idan ya duba bai sami sashen ba, to saƙon waya da wani ya nuna yana cewa “wane ya ce in zaɓar masa” ba ƙuri'a ba ne. Ana iya rubuta shi a matsayin uzurin rashin halarta, amma ba ya shiga lissafi.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Jerin sunaye ba ya gano sa hannun jabu, ba ya kuma nuna ko an matsa wa tsohuwa ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. Haka nan idan wakili ya saɓa umarni, makomar ƙuri'ar tana iya zama abin da lauyoyi za su yi gardama a kai. Abin da jerin ke yi shi ne ya ba wanda aka zalunta bakin zare: ga sunanka, ga wanda ya tsaya maka, ga lambar takarda, ga inda aka jefa. Da wannan zai iya cewa “wannan ba hannuna ba ne”, ko “ba haka na ce ba”, a kuma sami abin da za a gwada maganarsa da shi.

Saboda haka shawarata ga duk wanda ya taɓa ba da wakilci ita ce ya nemi ganin bayanin taron. Dokar Kamfanoni ta ba masu hannun jari damar duba littafin bayanan babban taro ba tare da biyan komai ba. Ya nemi sunansa a ciki. Idan ya gan shi tare da sunan wakilinsa da inda ƙuri'arsa ta tafi, madalla. Idan bai gani ba, ya rubuta wa sakatare kafin zama na gaba, ya nemi a gyara kafin a amince da bayanin, domin da zarar shugaba ya sa hannu, nauyin kawo hujja ya dawo kansa.